Rodin da Injiniya Ta Mayar

Maigidan bai ga tabaraunsa ba, sai ya miƙa wa 'yarsa takardar injiniya ta karanta. Yayansa, mai shagon da aka sayo rodin benen da maigidan yake ginawa, yana zaune yana shan shayi.

"Zanen gini ya nemi rodi mai kaurin milimita goma sha biyu," ta karanta. "Na auna wanda aka kawo, bai kai goma ba. Da muka lanƙwasa guda uku, biyu suka tsage. Ba zan zuba kankaren bene a kansa ba, domin mutane za su kwana a ƙarƙashinsa."

Ta kalli yayan mahaifinta, ta kawar da kai.

"Kuskurena ne, tsufa ya fara cin ido," in ji yayan yana murmushi. "Gobe zan canza."

Maigidan ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi da bakinsa ya zaɓi siririn rodin saboda araha, yayan yana hana shi. Yanzu kuma ga shi yana rufa masa asiri, 'yarsa ta kasa haɗa ido da dattijon.

"Yaya, bari," ya ce, kansa a sunkuye. "Ta girma. Ni na ce ka ba ni shi."