Layi Uku Na Alhaji

Ledar ruwan da aka dawo da ita daga wani shago a unguwar Liman Abaji tana kan tebur tun farkon mitin har ƙarshensa, kuma babu wanda ya yi tunanin ɗauke ta. Wani abu kore kamar majina yana yawo a ciki. Rumaisa, sakatariyar kamfanin ruwan leda na Alhaji Abubakar Sadiq, ta yi ta kawar da kai, amma duk sanda ta leƙa wayarta don ta tabbata tana ɗaukar murya, sai idonta ya faɗa kan ledar.

Aikinta kenan kowane mitin: ta naɗi murya, manhaja ta mayar mata da ita rubutu, ta zauna ta gyara shirmen manhajar, don Hausar Keffi mai ratsin Turanci ba ƙaramin wahalar da ita take yi ba. Sai ta fitar da bayani iri uku daga rubutun nan guda. Na ma'aikata jeri ne kawai, wa zai yi me, zuwa yaushe. Na wanda bai samu zuwa ba shi ne mai tsawo, da abin da ya kawo maganar da wanda ya ce kaza da yadda aka ƙare. Na Alhaji kuwa layi uku ne. Yana Abuja, a cikin mota yake karanta saƙo, kuma kowa ya sani idan rubutu ya kai inda WhatsApp yake cewa a danna don ganin saura, to Alhaji ba ya dannawa.

Ranar nan kujera ɗaya ce babu kowa a kai, ta Madam Susana mai kula da injinan tace ruwa. Tana Garaku wajen jana'izar mahaifinta. Ita ce kuma ta zama abincin mitin ɗin.

Manaja Idris ya ɗaga ledar da yatsu biyu, ya yamutsa fuska kamar yau ya fara ganin irinta. “Wannan sakaci ne. Wa ke da alhakin canja filta? Susana. Ina ganin a dakatar da ita sai mun ji daga Alhaji.”

Gamaliel, bakaniken kamfanin, ya gyara zama. “Oga, ka yi haƙuri fa. Madam Susana ta faɗa maka filta ya mutu tun kafin damina. A gabana ta faɗa. Kai ka ce a wanke shi a mayar, wai sabo sai an samu hali. Da hannuna na wanke.”

Huraira mai kula da 'yan sari ta shiga gyaran mayafin da babu abin da ya same shi. Monday direba ya zuba wa fanka ido. Waɗannan fa mutanen da suka ci shinkafar Kirsimeti a gidan Susana ne, har da guzuri a leda.

“Wannan maganar baya ce,” in ji Idris. “Mu ci gaba. Akwai mai ja?”

Babu wanda ya ja. Gamaliel ya yi tsaki, ya naɗe hannu, aka wuce zuwa batun tattaro ruwan da ya rage a shaguna.

Da aka watse, Rumaisa ta sa abin sauraro a kunne tana bin rubutun layi-layi. Na ma'aikata bai ɗauke ta lokaci ba: Monday ya kwaso ruwan daga shaguna kafin Juma'a, Gamaliel ya sa sabon filta gobe, Huraira ta ba 'yan sari haƙuri. Na Susana ta zauna ta yi shi da kyau, don Susana ce ta kawo ta aikin nan lokacin da ta gama karatu tana zaman gida. Ta rubuta ƙorafin masu shaguna, da shawarar Manaja, da maganar Gamaliel yadda ya faɗe ta, da cewa ba a amsa masa ba.

Tana fara na Alhaji sai ga Idris a kanta, turarensa ya cika ofis.

“Rumaisa, kin dai san Alhaji ba ya son surutu. Matsaya kawai za ki ba shi. Cacar baki ta masu cikin ɗaki ce.”

“Amma Manaja, maganar Gamaliel...”

“Matsaya ce?”

“A'a.”

“To.”

Ya fita. Ta bi bayansa da harara. Mutum ya sa a wanke ruɓaɓɓen filta yara su sha, sannan ya zo yana koya mata aiki. Sai dai abin haushin, maganarsa ta yi kama da ƙa'ida. Ita ma haka ta saba: babba matsaya yake so, da matsalar da ake ciki, da abin da ake jira daga gare shi. Ta riƙe rabin farko na ƙa'idar da hannu biyu, don shi ne ba zai haɗa ta faɗa da Manaja ba. Ta ce wa ranta ai ba ta ɓoye komai ba, maganar Gamaliel tana nan a dogon bayani.

Ta rubuta: “An dawo da ruwa mara kyau daga Liman Abaji saboda filta ya lalace. Za a kwashe sauran daga shaguna, a sa sabon filta gobe. Mitin ya ba da shawarar dakatar da Susana mai kula da filta, ana jiran amincewarka.”

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta karanta shi, ta ga ya yi tsaf, ta tura wa Alhaji. Dogon kuma ta tura wa Susana, da gaisuwar rashi a samansa.

Kafin la'asar saƙon muryar Alhaji ya shigo zauren WhatsApp na ma'aikata, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. “Wace irin dakatarwa? Mai wasa da lafiyar jama'a ba ya zama a kamfanina. A sallame ta. Idris, na gode da ka sa ido.”

Huraira ta sa alamar babban yatsa. Monday ya sa hannayen addu'a. Rumaisa ta ji kamar ita ta sha ruwan ledar nan.

Sai a lokacin ta yi abin da ya kamata ta yi tun da rana. Tunda hukunci ake nema daga Alhaji, to duk maganar da za ta iya canja hukuncin tasa ce, ko da ba matsaya ba ce. Kuma ga shi ta shiga layi uku ba tare da wata wahala ba: “Ranka ya daɗe, akwai abin da ban sa ba. Gamaliel ya shaida a mitin cewa Susana ta nemi sabon filta tun kafin damina, Manaja ya ce a wanke tsohon. Ba a ji ta bakin Susana ba, tana wajen jana'iza.”

Tana turawa, sai Alhaji ya kira ta da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

“Ke, me ya sa ba ki rubuta wannan tun farko ba?”

“Ranka ya daɗe, na ga ba ka son dogon...”

“To yanzu wannan dogo ne?” Ta ji yana ce wa direba ya bi ɗaya hannun. “Na riga na yi magana a gaban ma'aikata. Na kuma faɗa wa manyan dilolina an kori mai laifi, hankalinsu ya kwanta. In dawo in ce me? Idris zan ja masa kunne. Ita kuma Allah ya ba ta wani.”

Ya kashe. Jan kunne. Shi ke nan abin da filtan nan ya jawo wa Idris, wanda a daidai lokacin yake harabar kamfanin yana cin gyaɗa yana ba masu lodi labarin ƙwallo.

Washegari ta roƙi Monday ya sauke ta a Garaku, tunda yana da kai kaya can. A hanya ya yi ta cewa wallahi shi ma abin bai masa daɗi ba, Madam Susana mutuniyar kirki ce. Rumaisa ta zuba wa titi ido. Da ta buɗe baki zagi ne zai fito, kuma ba ta da tabbacin wa ya fi cancanta da shi tsakaninta da shi.

An kafa rumfa a ƙofar gidan, matan zumuntar coci suna ta wanke-wanke a gefe. Susana tana zaune a kan tabarma cikin baƙin zane, idanunta sun kumbura. Ta ga Rumaisa, ta matsa mata wuri.

“Anti, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana.”

“Na gode, 'yata. Kin sha hanya.”

Aka kawo wa Rumaisa ruwa a kofi, ta riƙe shi ba ta sha ba. Ta fara kame-kame, Manaja ne ya tsaya a kanta, Alhaji ne ba ya karanta dogon saƙo, ta tura gyara amma lokaci ya wuce. Susana ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, ta zaro waya daga ƙarƙashin zane.

“Na karanta naki. Jiya bayan mun dawo daga maƙabarta na karanta, har ƙarshe. Kin iya aiki, Rumaisa. Ba ki bar komai ba, har shirun da suka yi wa Gamaliel kin sa.”

Rumaisa ta sunkuyar da kai.

“Wa kuma kika tura wa irin wannan?”

“Ke kaɗai ce ba ki zo mitin ba, Anti.”

“Ni kaɗai.” Susana ta jinjina kai, ta kife wayar a kan tabarma. “To ai ni na san na nemi filta, 'yata. Ni ce na nema.”

Wata tsohuwa ta iso yin gaisuwa, Susana ta juya wajenta. Rumaisa ta zauna da kofin a hannu har ruwan ya yi ɗumi.