Sikelin Kifi Da Jinin Sahabi

Wata uku cur Sahabi, direban jirgin ruwan da ke jigila tsakanin Warra da ƙauyukan ƙetare, bai sa lemon kwalba a bakinsa ba. Shayinsa ya koma ba suga, tuwon dare ya rage shi rabi, kuma kullum bayan asuba sai ya taka daga gida zuwa bakin ruwa maimakon hawa babur. Duk wannan saboda a asibitin Yelwa an ce masa jininsa na bakin iyakar ciwon suga, ciwon da ya sa aka yanke ƙafar yayansa.

Ana gobe zai koma asibiti, ya roƙi abokinsa Magaji, dillalin kifi, ya bar shi ya hau babban sikelin da ake auna kwalayen banda. Magaji ya duƙa ya leƙa allurar, ya kwashe da dariya.

"Casa'in da bakwai! Wata uku kana horon kanka, kilo guda tal ka sauke? Ai kifin ragon ruwa ɗaya ya fi abin da ka sauke nauyi."

Sahabi ya yi yaƙe ya sauko. A ransa ya gama yanke hukunci: wahalar banza ya sha, ciwon ya riga ya shige shi.

Washegari yana zaune gaban Malama Saratu, ma'aikaciyar jinyar da ke duba masu suga da hawan jini, ya ƙi ko kallon takardar gwajin da ya karɓo daga ɗakin awon jini. Ta ɗora shi a sikelin asibiti. Casa'in da shida da rabi.

"Kin gani ko, Malama? Ki faɗa min gaskiya kawai, in allura za ni fara, in sani."

"Malam Sahabi, zauna tukuna. Bayan azahar har yanzu barci na damunka a kan inji?"

"A'a... ya kwana biyu rabona da gyangyaɗi."

"Hawan gangaren bakin ruwa fa, da jarkar mai a hannu?"

"Da sai na tsaya sau biyu ina haki. Yanzu kam tafiya ɗaya nike yi." Ya ji maganar ta fito daga bakinsa kamar wani ne ya faɗa masa.

"Tufafi fa?"

"Zariyar wando ce dai ta ƙara tsawo. Dudu, mai ɗakina, har ta ce ko ƙulli za ta yi mata." Ya sosa ƙeya. "Da rigar ceton nan da aka ce dole mu sa. Da rataya ta nike yi kawai, ba ta haɗuwa a ciki. Makon jiya na ji ta ɗalle, na ɗauka ta wani na ɗauko."

Malama Saratu ta miƙa masa awon tela, ta ce ya zagaya shi a ƙugu daidai cibiya, ya saki numfashi, kar ya tsuke ciki. Ta duba katinsa. Wancan karon santimita ɗari da goma sha biyu, yau ɗari da shida.

"Kitsen ciki ne ya tafi, shi kuwa ya fi ɓata suga. Sikeli ba ya rarrabewa, da ƙashi da tsoka da ruwan da ka sha da kokon safe duk haɗawa yake yi. Mai tafiya da ɗaukar kaya irinka tsokarsa ba ta zubewa, har takan ƙaru."

Sannan ta buɗe takardar. Ta ce wannan gwajin ba sugan rana ɗaya yake nunawa ba, na kusan wata uku ne. Daga shida da ɗigo biyar ake kiransa ciwon suga. Nasa a da shida da ɗigo uku ne, yanzu ya sauko biyar da ɗigo tara.

"Ba ka fita haɗari duka ba, sai ka koma ƙasa da biyar da ɗigo bakwai. Amma baya ka ja daga ciwon, ba kusantarsa ka yi ba."

"Ba allura ke nan?"

"Ba allura. Ka ci gaba da abin da kake yi."

Sahabi ya kifa hularsa a gwiwa, ya daɗe yana kallon ƙasa. Alhamdu lillahi kawai yake maimaitawa can ƙasan maƙoshi.

Ta rubuta masa abin da za su duba nan da wata uku: ƙugu ya ragu da santimita huɗu, tafiyar rabin awa ba tsayawa, sai gwajin jini da na hawan jini. Nauyi ta sa shi a ƙarshe.

A ƙofar asibiti ya kira Dudu.

"To, mi anka ce?" ta tambaya tun bai gama sallama ba.

"An ce bai kama ni ba."

Ya ji ta sauke numfashi, sannan muryarta ta yi nisa da wayar, tana ƙwala wa surukarta kira: "Inna! Inna, fito ki ji!"