Kwana Goma Sha Takwas

Ana sauke kujerun sabon maigida daga bayan mota, Rabi tana zaune a ƙofar ɗakinta na bayan gida tana tsince shinkafa, ƴar wuƙar takaba ɗaure a gefen zanenta. Zanen ya koɗe har ba a gane launinsa. Wata huɗu saura kaɗan idonta bai ga kwalli ba, hannunta bai ga lalle ba, kitson kanta ya tsufa ya yi gizo a ƙarƙashin kallabi.

Mijinta Ɗahiru direban Baturen gandun daji ne. Ana saura mako guda Babbar Salla suka tafi rangadi can gabas, zazzaɓi ya kama shi a wani ƙauye, aka binne shi a can. Ruwa ya yanke hanya, labari bai iso Nassarawa ba sai bayan kwana ashirin. Babu gawa, babu kabarin da wani nata ya taɓa gani. Hularsa da agogonsa kawai aka miƙo mata. Yanzu an yi bikin samun mulkin kai, Bature ya hau jirgi, gwamnati ta ba wani matashin ma'aikaci, Malam Hamisu, gidan. Shi kuma kukunsa da iyalinsa suna jiran ɗakin nan.

Gwaggo Binta, matar mai kula da lambu, ta fito tana huci. Ita ce ta ɗora Rabi a kan takaba ranar da labari ya zo, kuma tun daga ranar take riƙe da ita kamar mai tsaron tukunya a kan wuta. Wanka sai Juma'a, madubi an kife, magana ƙasa-ƙasa, wuƙa ba ta rabuwa da jiki. Rabin dokokin nan babu littafin da ya san da su, amma wa zai gaya wa Gwaggo Binta?

"Ba inda za ki," in ji ta. "Mai takaba a ɗakin mijinta take kwana har ta gama. Saura kwana goma sha takwas. Ko Gwamna ne ya tare, ya jira."

Rabi ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa ko Gwaggo ba. Kullum bayan la'asar, lokacin da Ɗahiru ya saba ajiye mota, takan ji takunsa a kan tsakuwar hanya, da gyaran muryar da yake yi kafin ya ɗaga labule. Takun yakan tsaya daidai bakin ƙofa, labulen ba ya motsi. Da farko tsoro take ji, daga baya ta fara share ƙofar kafin la'asar. Mutumin da aka binne a inda ba wanda ya san shi, in bai zo nan ba ina zai je? Tana ganin zaman nan shi ne abu ɗaya da ya rage tana yi masa, kuma tana tsoron ranar da zai zo ya tarar da baƙi a ɗakin.

Malam Hamisu ba mugu ba ne, kunya ce ma ta yi masa yawa. Maimakon ya yi magana da bakinsa, sai ya aika Tudun Wada aka ɗauko Malam Shu'aibu, limamin da ya ɗaura auren Rabi. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, Rabi ta ja mayafi ta durƙusa daga nesa.

"Allah gafarta Malam, ba korarta nake yi ba," in ji Malam Hamisu. "Hukunci nake so in ji."

"Mai takaba ba ta kwana a wani wuri," in ji Malam Shu'aibu. "Da rana tana iya fita biyan buƙata ta dawo. Amma in gidan ba na mijin ba ne, mai gida kuma ya fitar da ita, sai ta koma wani wuri ta ƙarasa a can, babu laifi a kanta." Ya juya wajen Gwaggo Binta. "Akwai juna biyu? In akwai, haihuwa ce ƙarshenta."

"Babu, Malam."

"To, wata huɗu da kwana goma ne. Wannan wuƙar fa, yanka za ta yi? Ba ta cikin addini, Binta. Ado da turare da maganar aure aka hana ta, ba wanka ba." Gwaggo ta taɓe baki. Malam ya ce, "Rabi, yaushe Allah ya yi wa Ɗahiru rasuwa?"

"Biyu ga watan Cika-ciki aka gaya mana," Gwaggo ta yi caraf ta amsa.

"Ban ce yaushe aka gaya muku ba."

Rabi ta ɗago kai kaɗan. "Kukun Bature da suka tafi tare ya ce kwana biyu bayan Salla, Malam. Da hantsi."

Malam Shu'aibu ya shiga lanƙwasa yatsu yana kiran watanni a hankali: sha biyu ga Zulhajji, Muharram, Safar, Rabi'ul Awwal, Rabi'us Sani, ya ɗora goma a kai. Ya sake lissafawa daga farko.

"Daga ranar mutuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar jin labari ba. Yau ashirin da huɗu ga wata. Ƴata, takabarki ta ƙare shekaranjiya."

Daga cikin babban gida ana jin ƙarar jan tebur a kan siminti.

Rabi ta dubi tafin hannunta. Kwana biyu bayan Salla, lallenta ya kama jajir, ta ci kwalliya da sabuwar atamfa da warwaro, ta je Gawuna yawon Salla tana ta dariya har cikinta ya ƙulle. Kwana ashirin tana turara ɗaki duk yamma saboda ko zai dawo. Ashe duk a cikin takaba take, shi kuwa ƙasa ta riga ta rufe masa ido. Wani baƙin ciki ya rufe ta, wanda ya fi na ranar da aka kawo hular.

"Malam," ta ce, "kwana ashirin ɗin da na yi ina ado, zan iya rama masa?"

"Ba a rama takaba. Ba ki sani ba, Allah bai kama ki ba. Kwanakin sun shiga lissafi, sun wuce."

"Ko goma daga ciki?"

"Ko ɗaya. Mace ba ta ƙara wa kanta abin da aka sauke mata. Ki yi wanka, ki sa kwalli, ki yi masa addu'a."

Malam Hamisu ya yi ta murza hularsa a hannu. "Baiwar Allah, ki zauna. Ki yi kwana goma sha takwas ɗinki, kukuna ya kwana a gareji. Wallahi na yarda."

Da safiyar nan, da ta ji wannan magana da ta faɗi ta yi godiya har ƙasa. Yanzu ta dubi ƙofar ɗakin, ta daɗe tana duba.

"Na gode, ranka ya daɗe. Da zaman Ɗahiru nake yi. Yanzu in na zauna, zaman me zan ce ina yi a gidan mutane?"

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Gwaggo Binta ta bi ta, ta tarar tana naɗe tabarma.

"Ina za ki da ranar nan?"

"Kawaji, wajen yayana."

"Ki bari mana a yi la'asar, rana ta yi sanyi."

Rabi ta ɗaure bakin ƙunshin da ƙarfi. "A'a, Gwaggo. Kafin la'asar nake so in fita."