Billen Malam Sanda

Tun daga Rigachikun Hajiya Bara'atu ta taho da hoton, a naɗe cikin hankici. Na mahaifinta ne, marigayi Malam Sanda, kuma shi kaɗai ya rage musu. Bai fi tafin hannu ba, ya koɗe, ga karce ta ko'ina. So take a gyara a wanke babba, saboda jikokin da ba su riske shi ba su san fuskarsa.

Ni Kawu Ɗayyabu ya miƙa wa aikin. Tun da na gama jami'a nake zama a ɗakin ciki na shagon hotonsa da ke Unguwar Rimi, ni da kwamfuta, inda ba dole sai na yi magana da kowa ba.

Na ɗora hoton a sikana, na kwafe shi cikin kwamfuta, sannan na bai wa manhajar da ke share karce tana ƙara girma. Abin da ya fito ya burge ni. Fuska ta yi fes, hula ta fito da zanenta.

Nasiru, mai kula da injin wanki, ya leƙo ta kafaɗata. "Kai, Fiddausi! Kamar jiya aka ɗauka. Turo mu wanke, Hajiya ta shiga kasuwar Kawo, yanzu za ta dawo."

"Ban duba ba tukuna."

"To me kike yi tun ɗazu da idanun nan? Barci?"

Na san dai ba a yi wa tsohon hoton adalci ba. Sabon ya fi haske, ido kuwa mai haske yake zaɓa ko da bai fi ba. Kuma duka biyun a ƙanƙance suke domin su shiga allo, a haka kowane aibu ɓuya yake. Ga shi na daɗe ina kallon sabon har idona ya saba da shi.

Na fita na sha ruwa, na ɗan tsaya ina kallon masu keke Napep. Da na dawo na ƙara wa tsohon girma kawai, ba gyaran komai, har ya kai sabon. Na daidaita haskensu. Na ɗora ɗaya kan ɗaya, na kai su ɗari bisa ɗari, inda kowane ɗigon hoto ke zama kan ɗigo guda na allo. Sai na riƙa kunna na sama ina kashewa, idona a wuri ɗaya.

Hula lafiya. Wuyan riga lafiya. A kumatun hagu ne wani layi ya riƙa zuwa yana ɓacewa.

"Karce ne," in ji Nasiru. "Abin da aka ce ki share ke nan."

Kawu ya shigo yana gyara tabarau. "Me ya tsayar da ku?"

Na nuna allon. "Kawu, duba wannan karcen. Fari ne, bakinsa da kaifi, ya ratsa fuska ya wuce har bango. Wannan kuwa baƙi ne, ya dushe kamar sauran fuskar, ya taso daga gefen hanci ya bi kumatu ya tsaya. Ina jin bille ne. Manhajar ta ɗauka lalacewa ce, ta shafe."

"Kina ji, ko kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Shi ya sa ba zan tura ba."

Nasiru ya tafa hannu. "Kawu, yau 'yar shiru ta yi bore!"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya ce in ci gaba da kunnawa. Can ya ce, "Har fatar ma ta zama kamar roba."

Na dawo da fuskar asali a kan sabon, na bi karcen da hannu na share, na bar layin. Ba ta kai waccan kyau ba. Na roƙi Nasiru ya wanke mini fuskokin biyu kawai, a girman da za su fito a babban hoton, da haske iri ɗaya, ya kuma juya su yadda ko ni ba zan san wanne zai fara fitowa ba.

Hajiya ta dawo da ledojinta. Na ajiye mata su a bakin taga.

Ta ɗauki mai santsin tukuna. "Tubarkalla. Wannan kyakkyawan ɗan gidan wa ne? Baba dai bai taɓa yin kyau haka ba."

Ta ɗauki ɗayan ta kawo kusa da fuskarta. Ta daɗe. Sannan ta sa ɗan yatsa a kumatun hagu ta bi layin a hankali.

"In ya yi fushi, nan ne ke fara motsi," ta ce. "'Yata, wannan za ki wanke mini."