Saura Talatin da Tara

Ana sauke katan-katan na safar hannu wayar Manaja ta yi ƙara. Saƙon kwamfutar sito ne: ruwan wankin ƙoda ya sauka ƙasa da matakin sake oda, saura 39.

Ko a jikinta. Ita da kanta ta sa matakin a arba'in, don katan arba'in kan kai asibitin da suke ba kaya wata guda, kamfani kuma sati uku yake ɗauka kafin ya kawo. Ta aika oda, ta ci gaba da masifarta da masu dako.

Sai da ta bi ta layin ƙarshe na siton ta ja ta tsaya. Kantar da ya kamata ta cika har sama wayam take, sai 'yan katan a ƙasa, ko ƙugunta ba su kai ba.

Ta samu akawu yana shan shayi, mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri.

"Ina katan talatin da tara?"

"Wane katan kuma, ranki ya daɗe? Jarka ce. Tun da asibiti suka koma oda da jarka na mayar da ƙirgen ɗai-ɗai. Har kin ce aikin ya yi kyau."

"Matakin odar fa? Ka canza shi?"

Ya ajiye kofin a hankali. Bai canza ba. Jarka huɗu ce a katan, wato kwamfuta ta yi ta jiran arba'in ɗinta, kaya na zurarewa, ba ta ce uffan ba. Abin da ya rage da ƙyar ya kai mako guda.

Tsoro ya kama Manaja sosai, har zagin da ta ɗauko ya maƙale. Ta kira kamfani, suka ce sati uku dai, kayan na kan ruwa. Ta kira wasu sito biyu. Ɗaya babu, ɗaya ya ce shi ma nema yake.

Tana ajiye waya sai ga Dogo, direban sito, da takardar asibiti ta jarka talatin. Matarsa na cikin waɗanda ake wa wankin ƙoda a can sau biyu a mako, shi ya sa ba ya yarda wani ya ɗauki wannan kayan.

"Yaya, yau ko tsiya ba ki yi mini ba. Lafiya?"

Ta sa hannu ba ta ɗago ba. Ya tura kurar kaya zuwa layin ƙarshe yana fito da baki. Tana jin ƙarar tayoyin, tana jin ajiye katan ɗaya bayan ɗaya. Can fiton ya tsaya.

Ya dawo ya tsaya a bakin ofis, hularsa a hannu.

"Yaya, jarka tara na gani sun rage. Sauran suna ɗaya ɗakin ne?"

Sito ɗin ba shi da wani ɗaki, kuma Dogo ya fi kowa sanin haka.