Ginshiƙin Halarta da na Fashi

Jadawalin zuwan malamai da Larabci mai kula da rajista ya rubuta shi, daga dama zuwa hagu: suna, halarta, fashi. Hukumar makarantar kuwa a kwamfuta take son sa, da boko.

Sakatariya ta jera kanun daidai, ta kawo sunaye ginshiƙin farko. Amma lambobin sai ta kwashe su daga hagu, yadda idonta ya saba, ba ta juya su ba. Fashi ya koma halarta. Tsohon malamin nahawu, wanda ko zazzaɓi bai taɓa hana shi zuwa ba, ya fito a kan gaba wajen fashi. Ƙanin shugaban makaranta, da ba a ganin ƙeyarsa, ya zama abin koyi.

Da ta gano, ta shiga ofishin shugaba.

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne. Ban juya ginshiƙan ba."

"Tun ranar na gani," in ji shi, ko kai bai ɗaga ba. "Hukuma ta riga ta sa hannu. Buga takardar sallamar tsohon, ki miƙa masa da hannunki. Ai aikinki ne."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Sannu da aiki, 'yata."