Wata Kafin Rana

Ranar biyar ga Fabrairu wani tsohon tela ya shigo shagon tabarau yana ɗaga wayarsa sama, tun daga bakin ƙofa yake dariya.

"Mai Tabarau, me na yi muku kuka ƙara mini tsufa na wata uku? Ga saƙo wai barka da zagayowar ranar haihuwa. Ni da aka haifa biyu ga Mayu!"

Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa ya karanta, sannan ya juya ya dubi 'yarsa ta saman gilashi. "Auta, ga aikinki nan ya fara haihuwa."

Auta tana zaune a ƙarshen kanta da kwamfutarta a cinya. Ita ce ƙaramar gidan, kuma rubuta manhaja ne sana'arta. Hutun mako biyu ta ɗauka ta zo gida, sai yayanta, wanda yanzu yake riƙe da shagon, ya ɗora mata aiki. Ya sayi sabuwar manhaja mai aika wa masu sayayya saƙo da nuna kaya a intanet. Baba kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bar tsohuwar ba, wadda shekara ashirin da shida ke nan yana shigar da sunayen mutane a cikinta da yatsu biyu. Da gardama ta yi tsawo, Auta ta raba su: Baba ya ci gaba da tasa, ita kuma ta haɗa wani ƙaramin aiki a kwamfuta da zai riƙa tashi da kansa kullum ƙarfe huɗu na yamma, ya kwashi duk abin da aka ƙara ko aka gyara a tsohuwar ya zuba a sabuwar.

Kwashewar ba ta da wuya. Wahalar ita ce tsohuwar manhajar ba ta da ƙyama, duk abin da ka rubuta a gurbi ta karɓa. Sabuwar kuwa 'yar ƙa'ida ce: kwanan wata sai shekara, wata, rana; lambar waya kuma sai da lambar ƙasa a gaba, babu sifilin farko, babu tazara. Don haka Auta ta rubuta ƙa'idojin da za su gyara kowane gurbi a hanya. Tun a ranar farko farashi ya ba ta kunya. Baba yakan saka harafin "w" a bayan farashin firam ɗin tabarau da aka shigo da su, wato kuɗin waje, ita kuma ƙa'idarta ta share duk wani harafi. Sai ga firam mai tsada a intanet a kan kuɗin biro. Yaya ya kira ta yana cewa ta zo ta raba musu gadon shagon tun Baba yana raye. Ta raba gurbin biyu, adadi daban, irin kuɗi daban, ta sa a riƙa canzawa da farashin canjin ranar. Ta ɗauka ta gama.

Da telan ya tafi, ta nemo layinsa a tsohuwar manhajar. An rubuta 05/02/51. Ƙa'idarta ta ɗauki rana ce a gaba, kamar yadda Baba yake yi, ta mai da shi biyar ga Fabrairu.

"Baba, kai ka juya masa."

"Ni? Tunda nake ban taɓa sa wata a gaban rana ba."

Sai a lokacin ta tuna da fayil ɗin da aikin yake tara layukan da sabuwar manhajar ta ƙi karɓa. Tun kwashewar farko ba ta buɗe shi ba. Ta buɗe, ta tarar da layi ɗari huɗu da wani abu. Yawancinsu kwanan wata ne: 11/23/60, 04/30/72, 08/17/55. Babu wata na ashirin da uku a duniya, shi ya sa aka dawo da su. Waɗannan ma da sauƙi, tunda sun yi ƙara. Masu haɗarin su ne irin na tela, waɗanda lambobin biyu ba su wuce sha biyu ba: sun shige shiru, a juye.

Ta jera su bisa lambar rajista. Duk a wuri ɗaya suka taru, daga 1412 zuwa 2090.

Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya daɗe yana kallon allon. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, alhali ga tsumman gogewa nan cike da kwali a gabansa.

"Wannan ba hannuna ba ne," ya ce. "Na mamanku ne."

Auta ta sauke hannunta daga kan madannai. Shekara tara ke nan da rasuwar Mama, kuma a iya saninta Mama ba ta taɓa aiki a shagon nan ba, sai dai ta leƙo ta ce a rufe a zo a ci abinci.

"Ba za ki tuna ba, kina da shekara uku. Lokacin da na faɗo daga tsani na karye a cinya. Fiye da shekara ina kwance. Ita ta riƙe wurin nan. Wani abokina yana zuwa ya auna ido sau biyu a mako, sauran komai ita ce." Ya nuna allon da haɓa. "Kafin na aure ta, buga takardu take yi a ofishin wasu baƙi, su kuma wata suke sawa a gaba. Ya zauna mata a yatsu. Na yi faɗa har na gaji. Ta ce in dai ita ke zaune a kujerar, wata ne a gaba, in na warke in zo in juya abina."

"Ba ka juya ba ke nan."

"Na ce sai na samu lokaci."

Yaya, da yake ɗaure wa wata mata kusar tabarau a can gefe, ya ce, "Shekara ashirin da uku Baba yana neman lokaci." Baba ya ce masa ya kula da kusarsa.

Sauran layukan da aka ƙi, lambobin waya ne. Ƙa'idar Auta tana share duk abin da ba lamba ba, don haka inda aka rubuta lambobi biyu a gurbi ɗaya, sai ta manne su su zama doguwar lamba guda da babu wayar da za ta amsa. Ta koma ta duba yadda aka rubuta su tun asali, sai ta ga abin da ta yi ta sharewa ba ta sani ba.

"Lambar mai kantin ƙasa ce, a ce a kira malamar bene."

"Kada a kira da safe, yana aikin kwana."

"Ba ta ji sosai, a yi magana da jikarta."

"Ya ce firam ɗin ya yi masa kyau. Bai yi ba. A nuna masa baƙin in ya dawo."

Baba ya yi dariya har ya dafe kanta. Ya san mutumin, direban motar makaranta ne, kuma baƙin ya saya daga baya. Ya shiga ba su labarin lokacin da waya ɗaya ce a duk layin, a shagon nan take, a kan wancan ɗan teburin da yanzu aka ɗora injin goge gilashi. In aka kira wani, Mama takan fita bakin ƙofa ta ƙwala masa kira, ta dawo ta riƙe kan wayar tana hira da wanda ba ta sani ba har mai ita ya iso. Auta tana saurare, tana ƙoƙarin ganin Mama a wannan kujera mai jan fata, tana buga madannai da yatsu goma. Abin da ta iya tunawa kawai shi ne ƙamshin man da take shafa wa hannunta.

Washegari ta zauna gyara. Da farko ta so ta ce duk layin da ke tsakanin 1412 da 2090 a karanta shi wata a gaba. Kafin ta saki ƙa'idar ta gwada ta, sai ga layi bakwai a cikinsu da kwanansu ya fara da ashirin da wani abu, wato rana ce a gaba.

"Ranakun da nake lallaɓowa da sanda ne," in ji Baba. "Sai ta tafi kasuwa nake samun kujerar."

"To ai matsala ke nan. In akwai bakwai da na gani, akwai waɗanda ban gani ba. Ta ina zan bambanta naka da nata?"

Baba ya sunkuya ya sa yatsa a allon. "Dubi wayar. Ita tana raba lamba da ɗan layi, uku-uku. Ni a dunƙule nake zubawa."

Haka ne kuwa. Ta gwada a kan duk layukan da ba su da shakka, babu ko ɗaya da ya saɓa. Ta rubuta ƙa'idar: in rajista tana cikin wannan tsakanin kuma wayar tana da ɗan layi, wata ne a gaba. Ta raba gurbin waya gida uku, lamba ta farko, ta biyu, da bayani. Tsofaffin lambobin wayar tebur da aka daina amfani da su ta sa musu alamar kada a aika saƙo. Sannan ta ƙara abin da ya kamata ta yi tun farko: gurbin da zai ajiye rubutun asali yadda yake, ba a taɓa ko ɗigo ba.

Ta sa aikin na ranar ya sake kwashe komai daga farko, yana bin lambar rajista don ya gyara layin da ke nan maimakon ya ninka shi. Ƙarfe huɗu ya tashi da kansa, su uku suna tsaye a kansa kamar masu jiran sakamakon asibiti. Minti shida ya gama. Layi sha tara suka rage a fayil ɗin. Akwai masu kwanan da zai karantu ta kowane gefe kuma ba a raba wayar da ɗan layi ba, ba a kuma dunƙule ta ba, sai da tazara. Akwai masu shekarar da ta ɓace. Auta ta ce waɗannan ba za ta yi musu zato ba, sai an tambayi masu su.

Ta buga sunayen a takarda, Yaya ya ɗauka ya fara kira. Huɗu ba su shiga ba. Ɗaya ɗan mai lambar ne ya ɗauka, ya ce mahaifinsa ya rasu bara, ya kuma yi godiya da aka tuna da shi. A kira na shida wata tsohuwa ta amsa. Ta faɗi ranar haihuwarta, tara ga Oktoba, sannan ta tambaya ko shagon nan ne mai doguwar matar da take zaunar da mutum ta ba shi ruwa kafin ta tambaye shi abin da ya kawo shi. Yaya ya juya. Ya miƙa wa Baba wayar.

Baba ya karɓa ya koma kujerar bayan kanta. "Nan ne, baiwar Allah. Matata ce. A'a, ta riga mu." Ya saurara, yana gyaɗa kai kamar tana ganinsa. "Ƙwarai, haka take. Har ke ma ta yi wa faɗa?"

Auta ta shigar da tara ga Oktoba, ta ja layi a kan sunan. Saura sha uku ba a kira ba, amma wayar shagon ɗaya ce, kuma Baba bai da alamar ajiye ta. Yaya ya je ya juya allon ƙofa zuwa "An rufe", ya dawo ya zauna a kan kwalin firam, su biyu suna jin rabin hirar.